Me ake nufi da "bajet" a harkar gajeren fim na katun?

Idan masu katun suka ce bajet, mutane da yawa sun ɗauka kuɗin sayen kwamfuta da manhaja ake nufi. Alhali bajet shine lissafin duk abin da fim ɗin zai ci tun daga rubutun labari har ya fito, kuma a katun abin da ya fi cin kuɗi shine lokacin mutane. Manhaja ma ita ce mai sauƙin, tunda Blender da Krita da Audacity duk kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba.

To bari mu ɗauki fim mai minti 3. Daƙiƙa 180 kenan, kuma kowace daƙiƙa tana da firem 24, wato hotuna 24 da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kaga firem 4,320 ne gaba ɗaya. In zanen hannu ne ana yawan barin zane ɗaya ya zauna firem biyu, duk da haka zane 2,160 ne a gabanka. Yanzu mu ƙaddara mai motsa zanen yana gama daƙiƙa 3 a rana, kwana 60 kenan na aiki, ba a saka zanen 'yan wasa da na bayan fage da gyaran sauti ba fa. Sai ka ninka kwana 60 ɗin da abin da yake karɓa a rana. Ko da kai ne da kanka za ka yi, don Allah ka rubuta kuɗin, domin wata biyun nan sai ka ci abinci.

Kuma kar ka yi hasashen daƙiƙa 3 ɗin nan da ka. Ka yi gwajin daƙiƙa 10 cikakku, ka ga kwana nawa suka ci, da wannan za ka yi lissafi. Gwajin ne kuma zai faɗa maka ko kwamfutarka za ta iya, don in katun ɗin 3D ne kuma firem ɗaya yana ɗaukar minti 2 wajen rendarin, wato fitar da cikakken hoton da kwamfuta ke yi, awa 144 kenan, kwana 6 cur tana kunne dare da rana, in kuma ka gano kuskure a wani fage sai an sake shi.

Masu murya kuwa ana ɗaukar su ne kafin a fara motsa zane, saboda motsin baki muryar yake bi. In ka canja magana ɗaya daga baya za ka sake biyan mai murya, ka sake biyan mai zane. Shi ya sa tun farko ku daidaita da su ko sake ɗauka yana cikin kuɗin, a rubuce.

Bayan ka haɗa jimilla ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ko-ta-kwana. In kuɗin ya fi ƙarfinka, ka rage tsawon fim ɗin, minti 3 ya koma 2, nan take kwana 20 sun fita daga lissafi.