Ma'anar Dashbod Mai Sabunta Kansa Kullum

Dashbod shafi ne guda da ake tara muhimman alƙaluma a kansa, cikin zane da lambobi, domin mutum ya leƙa sau ɗaya ya san inda aka kwana. Ga mai kula da shafukan sada zumunta, abin da yake son gani bai wuce yawan mabiya da yawan kallo da yadda mutane suka tanka wa abin da ya wallafa ba. Idan aka ce dashbod ɗin yana sabunta kansa kullum daga bayanan da aka adana, ana nufin ba ya zuwa YouTube ko Instagram ya tambayo komai a lokacin da ka buɗe shi. Wani ɗan shirin kwamfuta ne yake zuwa sau ɗaya a rana ya ɗebo alƙaluman ta API na dandalin, wato ƙofar da dandalin ya buɗe wa shirye-shiryen kwamfuta don neman bayanai, ya zuba su a rumbun bayananka, shi kuma dashbod daga rumbun kawai yake karatu.

Dalilin wannan zagaye guda biyu ne. Dandalan suna ƙayyade yawan tambayar da za a yi musu. YouTube Data API, alal misali, yana ba da kason maki 10,000 a rana ga sabon aikin da aka yi wa rajista, kowace tambaya kuma tana cin wani abu daga ciki. Sannan wasu alƙaluman ba sa jiran kowa. Jimillar mabiya galibi ta wannan lokacin ake ba ka, to in ba ka rubuta ta yau ba, nan da wata shida ba lalle ka samu wanda zai gaya maka nawa take ba.

Sabuntawar ma iri biyu ce, kuma a nan mutane suke rikicewa. Akwai ta rumbu, wato ɗebo sababbin alƙaluma. Akwai ta allo, wato dashbod ya sake karanta rumbun. Manhajojin yin dashbod irin su Looker Studio da Metabase da Grafana duk suna iya sake karantawa a kai a kai, amma in shirin ɗebowar ya mutu tun shekaranjiya, tsohon kaya za su yi ta nuna maka da fuskar sabo. Latsa maɓallin sabuntawa sau goma ba zai canza komai ba.

Rumbun ba sai ya yi girma ba. Tebur ɗaya a SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ya isa:

```sql
CREATE TABLE alkaluma (
  rana TEXT, dandali TEXT, awo TEXT,
  adadi INTEGER, an_dauko TEXT,
  PRIMARY KEY (rana, dandali, awo)
);
```

Kowane layi yana cewa: a rana kaza, a dandali kaza, abu kaza ya kai adadi kaza, kuma an ɗauko shi a lokaci kaza. Layin `PRIMARY KEY` ɗin nan shi ne ginshiƙin aikin, domin yana hana a rubuta rana ɗaya da awo ɗaya sau biyu. Shirin ɗebowar kuma ana iya tayar da shi da `cron`, mai tayar da shirye-shirye a lokacin da aka tsara masa, kowace safiya ƙarfe shida:

```
0 6 * * * python3 /opt/dash/dauko.py
```

Yanzu ga inda aikin yake da ƙaya. Alƙaluman jiya ba su gama nuna ba a safiyar yau. Dandalan suna ci gaba da ƙirga da tace kallon bogi bayan ranar ta wuce, kuma a YouTube Analytics bayanan rana kan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin su zauna. A ce ranar Talata da safe shirinka ya tambayi kallon Litinin aka ba shi 800. Ranar Alhamis in ya sake tambaya, sai a ce 1,150. Wanda ya gina shirinsa ya ɗauki jiya kaɗai, 800 zai riƙe har abada, kuma duk zanensa zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya ba tare da wata alamar kuskure ba. Wanda kuma yake sake ɗaukowa amma yana ƙara sabon layi a kan tsohon a teburin da ba shi da `PRIMARY KEY` ɗin nan, jimillar Litinin ɗinsa za ta zama 1,950, ya yi ta murnar kallon da ba a yi ba.

Maganin shi ne kowace safiya a ɗauko kwanakin baya, kamar guda bakwai, a rubuta sabon adadi a kan tsohon:

```sql
INSERT INTO alkaluma
VALUES ('2024-03-04','youtube','views',1150,datetime('now'))
ON CONFLICT (rana, dandali, awo)
DO UPDATE SET adadi = excluded.adadi,
              an_dauko = excluded.an_dauko;
```

SQLite yana karɓar wannan tsarin tun fitowa ta 3.24 a 2018, PostgreSQL ma yana da shi. Da wannan, ko sau biyar shirin ya tashi a rana ɗaya sakamakon bai canzawa. Akwai kuma wata riba: in shirin ya faɗi ranar Laraba, na Alhamis zai cike giɓin da kansa, tunda Laraba tana cikin kwanaki bakwai ɗin da yake waiwaya.

Sai dai waiwayen ba ya ceto jimillar mabiya, tunda ita hoton lokacin ce. A ce Litinin mabiya 12,400 ne, Talata 12,460, Laraba ba a ɗauka ba, Alhamis 12,590. Dashbod ɗin da yake cire layin baya daga na gaba zai ce an samu mabiya 130 ranar Alhamis, alhali na kwana biyu ne. Mai shafi zai tafi neman abin da ya wallafa ranar da ya jawo haka, ya kuwa sha wahalar banza. Ni a ganina gara a bar Laraba fanko a zanen. Kada a sa mata sifili, don sifili yana nufin an ƙirga ba a samu kowa ba, wanda ba haka abin yake ba.

Wani abin lura shi ne ba kowane adadi ake tarawa ba. Kallo da sharhi ana haɗa na kwana bakwai a samu na mako. Yawan mutanen da saƙo ya isa gare su kuwa, wanda ake gani da sunan `reach`, ba a haɗa shi, domin wanda ya gani Litinin ya sake gani Talata mutum ɗaya ne. In kana son na mako, dandalin za ka tambaya ya ba ka na makon kai tsaye. Haka ma iyakar rana: YouTube Analytics da agogon yankin Pasifik na Amurka yake yanka ranakunsa, saboda haka Litinin ɗinsa ba lalle ta yi daidai da ta wani dandalin ko ta agogonka ba. Ka adana ranar yadda ya bayar, ka rubuta hakan a ƙasan zanen.

Shi allon kansa ba ya bukatar ado. Zanen kallo na kwana talatin, zanen mabiya, da jerin wallafe-wallafe biyar da suka fi jan hankali sun wadatar. Kwana biyu ko uku na ƙarshe a ba su launi daban, don mai karatu ya san ba su gama zama ba; in ba haka ba kullum zai ga kamar kallo yana faɗuwa a ƙarshen zanen.

A saman allon kuma a sa sakamakon `SELECT MAX(an_dauko) FROM alkaluma`, a sa shi ya zama ja in ya wuce awa 30. Ya fi kyau a raba shi dandali-dandali da `GROUP BY dandali`, domin izinin shiga API yakan ƙare a dandali ɗaya sauran suna aiki lafiya. Dogon izinin Instagram kwana 60 yake yi, kuma in ba a sabunta shi kafin nan ba, ɗebowar Instagram kaɗai ce za ta tsaya, alhali lokacin da ke saman allon yana nuna safiyar yau saboda YouTube ya shigo.