Kafin a yi yaɓe da fenti: yadda ake duba tsohuwar wayar lantarki a gida

Masu gyaran tsofaffin gidaje a unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari na Damagaram sukan fara da magini, su bi da mai kwano da mai fenti, sai an gama komai sannan a tuna da mai lantarki domin ya ɗaura sababbin ƙwayaye. Wannan tsari a baibai yake, domin lokacin da aka cire tsohon silin aka kankare bango shi ne kaɗai lokacin da ake ganin wayar gida da ido ba tare da an fasa komai ba. Kuma gidan da aka ja wa wuta domin ƴan ƙwayaye da fanka da rediyo, bayan gyara za a ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki da firiza da dutsen guga, alhali wayar da ke cikin bango tana nan yadda take.

Ba a taɓa komai sai an kashe babban disjontar da ke jikin kwantar NIGELEC, an kuma gwada da na'ura an tabbatar babu wuta, domin gidajen da aka yi ta raba gado a cikinsu ba a rasa ɗakin da ke shan wuta daga kwantar maƙwabci. Bayan haka mai lantarki ya buɗe makunni da mahaɗar wayoyi a kowane ɗaki, ya kankare bakin wayar da wuƙa. Jan ƙarfe ja ne har cikinsa. Alminiyam fari ne, ba shi da nauyi, kuma idan aka lanƙwasa shi aka miƙe ƴan lokuta sai ya karye. Akwai kuma waya mai araha a kasuwa wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama, wadda ba a gane ta sai an kankare farin ya bayyana.

Alminiyam mai kauri da ke zuwa daga fal-waya zuwa kwanta ba abin damuwa ba ne, don haka aka ƙera shi, da maɗaurai nasa na musamman. Matsalar tana ga siririn da ke cikin ɗakuna. Alminiyam yana wuce da wuta kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi yake wucewa da shi, amma ba nan haɗarin ya fi yawa ba, a wurin ɗauri yake. Duk lokacin da waya ta ɗau zafi takan kumbura, idan ta huce ta koma, kuma alminiyam ya fi jan ƙarfe kumbura, ga shi da taushi, saboda haka a hankali yake lotsewa ƙarƙashin kusar da ta danne shi har ɗaurin ya saki. Iska ta shiga, wata farar tsatsa wadda ba ta wuce da wuta ta rufe bakin wayar, sai wurin ya ƙara zafi, zafin kuma ya ƙara sassauta ɗaurin. Inda aka murɗa alminiyam da jan ƙarfe wuri guda aka naɗe da roba, danshin damina yana sa alminiyam ɗin ya ciye ya zama gari. Alamomin su ne murfin makunni da ya yi ɗumi ko ya koma ruwan ƙasa, ƙwai mai ƙyaftawa a ɗaki ɗaya alhali sauran gida lafiya, da warin roba. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne disjontar ba ya faɗuwa saboda sakakken ɗauri, domin yawan wutar da ke wucewa bai ƙaru ba, zafin ne ya taru wuri ɗaya.

Rigar waya ta roba an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 a inuwa, sararin da ke tsakanin kwano da silin ya fi haka nesa, don haka wayar da ke kwance a can ta riga ta cinye yawancin rararta tun kafin a kunna komai. Ana gwada ta da hannu: a lanƙwasa wayar a hankali, idan robar ta tsage ko ta marmashe kamar busasshiyar fata, ta gama aiki, kuma naɗe ta ba magani ba ne tunda sauran tsawonta shekarunsu ɗaya. A duba gefen kwano inda waya ta ratsa, da inda ɓera ko gara suka bi. Wadda ke binne cikin bango ido ba ya kai mata, sai na'urar awon rigar waya mai tura bolt 500, bayan an cire duk kayan wuta. Layin da ya nuna ƙasa da megom 1 bai cancanci a rufe shi da yaɓe ba.

Akwatin raba wuta shi ne inda aka fi yin ganganci, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu lantarkinmu suka saba koyo a kanta, wayar jan ƙarfe mai kaurin 1,5 mm² ba a ɗora mata disjontar da ya wuce amfiya 16, mai 2,5 mm² kuma ba ta wuce 20. Mu ɗauki ɗaki da falo a kan layi ɗaya na 1,5 mm², inda mai gida yake shirin sa na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1500, ga butar dafa ruwa mai wat 1500, dutsen guga 1000, firiza 200. Jimla wat 4200, idan aka raba da bolt 220 ya ba da amfiya 19. Disjontar mai 16 zai iya faɗuwa idan kayan suka daɗe a kunne tare, kuma aikinsa ke nan. Amma abin da muke tararwa a gidaje da dama shi ne an gaji da faɗuwarsa an sauya shi da mai 32, wanda amfiya 19 ba za ta motsa shi ba ko da wayar tana narkewa. Idan kuma wayar alminiyam ce, abin da za ta iya ɗauka bai fi kusan amfiya 12 ba, kuma da yake zafin waya yana ninkuwa huɗu idan wuta ta ninku biyu, amfiya 19 tana haifar da zafi kusan ninki biyu da rabi na abin da wayar ke jurewa. Babban disjontar na kwanta ba zai cece ta ba, shi jimlar gida yake kallo.

Saboda haka mai lantarki ya bi kowane disjontar ya ga kaurin wayar da ke fita daga gare shi, ya lura ko an cusa wayoyi uku ko huɗu a baki ɗaya, ko an maye gurbin fiyus da guntun waya. Gyaran misalin da ya gabata shi ne a ja wa na'urar sanyaya ɗaki layinta ita kaɗai da jan ƙarfe 2,5 mm², a raba ƙwayaye da wuraren jona kaya, a sa disjontar mai gano yoyon wuta na 30 mA tare da wayar ƙasa. A ganina siririn alminiyam a fitar da shi gaba ɗaya. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da layin kicin da na sanyaya ɗaki, sauran a haɗa su da maɗaurin da aka ƙera domin alminiyam da jan ƙarfe, cikin akwatin da ake iya buɗewa. Sabuwar waya kuma a zura ta cikin bututun roba kafin magini ya yi yaɓe, domin a iya zare ta nan gaba ba tare da an fasa bango ba.