Fargaba da cin abinci

Fargaba, wadda wasu ke cewa damuwa ko zullumi, yanayi ne da jiki ke shiga shirin ko-ta-kwana alhali ba wani haɗari a gabansa. Tana taɓa cin abinci ta fuska biyu, wani ta rufe masa ciki ruf, wani kuma ta sa shi ci ba ƙaƙƙautawa, kai sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke yin duka biyun a yini guda.

Walter Cannon, wani masani ɗan Amurka, tun a 1915 ya yi bayanin yadda tsoro ke tsayar da aikin ciki. Idan gaban mutum ya faɗi jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa tsokar hannu da ƙafa, narkar da abinci ta ja baya. Shi ya sa baki ke bushewa, loma ta tsaya a wuya, har da tashin zuciya. To amma in damuwar ta ɗau kwanaki da makonni, wani sinadarin mai suna kotizol yana daɗewa a sama, shi kuma buɗe ciki yake, kuma ba kwaɗon zogale zai sa ka nema ba, sai zaƙi da maiƙo, su lemon kwalba da cincin da soyayyar indomi.

Inda abin ya fi ruɗarwa shi ne yunwa kanta kwaikwayon fargaba take yi. In an daɗe ba a ci ba sukarin jini na yin ƙasa, sai jiki ya saki adirenalin ɗin nan dai domin hanta ta fito da ajiyarta. Sakamakon kuwa rawar hannu, zufa, bugun zuciya, saurin fushi. Likitoci na cewa suga ya faɗi in na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 mg/dL. Mai lafiya ba kasafai yake kaiwa nan ba don ya tsallake abinci sau ɗaya, masu ciwon suga da ke kan magani su ne abin ke wa barazana sosai, amma mai fargaba kunnensa na kan jikinsa, bugun zuciya kaɗan ya isa ya ce shikenan abin ya dawo.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da bashin kaya ya hana shi barci. Da safe ya ce ba ya jin ci, ya kurɓi shayi ya jefa goro ya fita. Shayi da goro duk suna da kafeyin, wanda ke ƙara bugun zuciya ya kuma danne yunwa, kuma sai an yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kafin La'asar hannu na rawa, yaron shago ya sha faɗa a banza. Bayan Isha'i sai yunwar yini guda ta taso masa, ya share malmala uku cikin minti goma, alhali ƙoshi kan ɗauki wajen minti 20 kafin mutum ya ji shi. Ya kwanta da ciki dam, ƙwannafi ya hana barci, gari ya waye ba ya jin ci. Haka za a yi ta zagaye, shi kuma yana cewa olsa ce.

Gyaran da aka fi bayarwa shi ne a ci bisa agogo, kada a jira yunwa, tunda fargaba ta riga ta rikita ƙararrawar. Kamar duk bayan awa 3 zuwa 4 a sa wani abu a ciki, kuma a Kano lokutan salla sun sauƙaƙa lissafin. Ɗan kasuwar nan zai iya karyawa da koko da ƙosai ko da guda uku ne, Azahar ya ci garau-garau ko ɗanwake, La'asar gyaɗa ko fura da nono ba tare da an zabga sukari ba, tuwo kuma bayan Magariba maimakon tsakar dare. Dalilin sa wake da gyaɗa da nono shi ne suna jan lokaci kafin su narke, sai ƙarfin ya riƙa shiga a hankali, saɓanin farin burodi da lemo da ke ɗaga mutum su sake shi. Ranar da ciki ya rufe gaba ɗaya, abin sha kamar kunun gyaɗa ya fi saurin wucewa.

Abinci dai ba ya warkar da ciwon fargaba, yana rage abin da ke zuga ta ne kawai. Idan mutum ya rame da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, ko yana ci sosai yana ramewa ga bugun zuciya da kasa jure zafin gari, wanda kan iya zama ciwon maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, ko yana cika ciki ya je ya janyo amai, wannan na likita ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau.