Alƙalai huɗu da uku: yadda ake ba da labarin hukuncin da aka rabu a kansa

Duk lokacin da aka tayar da zancen shari'ar zaɓen 2007, maganganu biyu ne ke yawo. Wasu su ce alƙalai uku na Kotun Ƙoli sun tabbatar Buhari ne ya ci. Wasu kuma su ce kotu ta wanke zaɓen tas, ukun nan ƙorafi kawai suka yi. Duka biyun ba haka ba ne, kuma tushen kuskuren ɗaya ne: an taƙaita hukunci an jefar da ainihin abin da alƙalan suka saɓa a kai.

Dokar kanta a fili take. Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowane alƙalin Kotun Ƙoli ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara zai bayyana ra'ayinsa a rubuce, sannan ra'ayin masu rinjaye ne hukuncin kotu. Wanda aka rinjaya ba a goge rubutunsa, amma ba shi ake zartarwa ba.

Ranar 12 ga Disamba, 2008, alƙalai bakwai suka yanke ƙarar da Muhammadu Buhari ya ɗaukaka kan nasarar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mai shari'a Niki Tobi ne ya karanta babban hukunci, Idris Kutigi da Katsina-Alu da Dahiru Musdapher suka mara masa baya. George Oguntade da Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen suka ƙi.

To, a ina suka rabu? Sashe na 45 na dokar zaɓe ta 2006 ya ce a ɗinke takardun ƙuri'a littafi-littafi, a buga musu lamba bi da bi. Na zaɓen shugaban ƙasa ba su da wannan lamba. Sai dai sashe na 146 na dokar ya ce ba a soke zaɓe don an saɓa wata ƙa'ida, muddin an bi manufar dokar a galibi, kuma saɓawar ba ta yi tasiri mai yawa a kan sakamako ba.

Masu rinjaye suka ce nauyin yana wuyan mai ƙara, kuma hawa biyu ne. Ya nuna an saɓa doka, sannan ya kawo hujjar cewa saɓawar ta taɓa sakamako sosai. A ganinsu Buhari bai sauke na biyun ba. A lura da kyau, cewa mai ƙara bai kawo isasshiyar hujja ba daban yake da cewa zaɓe ya yi tsafta. Wanda ya rubuta "kotu ta ce zaɓen sahihi ne" ya sa wa alƙalai huɗu magana a baki.

Su kuwa ukun, ba a kan ƙananan abubuwa suka tsaya ba. Sun ɗauki lambar nan a matsayin ginshiƙi. Kamar littafin rasit ne a shago: in babu lamba, wa zai gane an yagi goma a ɓoye, ko an shigo da wasu daga waje? Lambar ce ke nuna wace takarda aka kai wace rumfa, nawa aka kaɗa, nawa suka rage. In babu ita, ta yaya za a ce wa mai ƙara ya ƙirga ɓarnar, alhali abin ƙirgawar ne aka cire? Saboda haka suka ce zaɓen bai inganta ba, a soke shi a sake wani. Ba su ce a rantsar da Buhari ba.

Ni dai hujjar ukun ta fi kwanta min. Hukumar zaɓe ce ta buga takardun, ita ke riƙe da bayanansu, bai kamata ta amfana da giɓin da ita ta haddasa ba. Amma wannan ra'ayina ne, kuma mai taƙaita hukunci dole ya raba ra'ayinsa da abin da kotu ta zartar. Hukuncin huɗun nan shi ya tsaya, shi ƙananan kotuna ke bi.

Akwai wani salon lalata labari da ya fi ƙarya ɓoyuwa, wato a ce "alƙalan sun ɗan bambanta, amma a ƙarshe sun tabbatar da zaɓen." Kalmar "sun" ta haɗiye mutum uku da suka ce a rushe. Gyaran shi ne a faɗi tambayar da aka saɓa a kai, a kawo amsar kowane ɓangare da dalilinsa yadda shi da kansa zai yarda an faɗa daidai, sannan a bayyana wadda ta zama hukunci.

A kuma kiyaye cakuɗa shari'u. A ranar ce aka yanke ƙarar Atiku Abubakar kan zaɓen, ita kuma shida da ɗaya aka yi, Oguntade kaɗai ya saɓa.