Ciwon da ba ya kwantarwa ma ciwo ne

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, sai mutum ya kwanta ake yarda cewa ba shi da lafiya. Ana ɗauke masa aiki, a je dubiya, a jira ya warke. Tun 1951 masanin zamantakewa Talcott Parsons ya bayyana wannan: jama'a ke ba majinyaci hutu, da sharaɗin ya nemi magani. Amma tsarin ya fi dacewa da zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Mai hawan jini fa? Sau da yawa ba alama, yana tafiya kasuwa, sai awo ya nuna. Don haka ake ce masa raggo, shi kuma ya daina shan magani, alhali ciwon yana cin ƙoda da zuciya.