Yadda ruwan lagireto yake fitar da zafi daga injin mota

Wai ina duk zafin da inji yake yi yake tafiya ne?

Duk lokacin da fetur ya kama wuta a cikin silinda, zafin wutar kan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali alminiyon da ake ƙera kan injin da shi yana narkewa ne a wajen digiri 660. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya ƙone shi ne yake juya taya, wani kashin ya bi hayaƙi ya fice ta salansa, sauran kuma ya shige jikin ƙarfen. Wannan na ƙarshen shi ne aikin ruwa.

A cikin gangar injin da kansa akwai hanyoyin ruwa da suka kewaye kowace silinda. Ruwa yana bi ta nan ya kwashi zafi daga ƙarfe, ya fita ta mesar sama ya shiga lagireto. A can sai ya rarrabu cikin siraran bututu masu yawa, waɗanda aka manna wa 'yan falle-fallen alminiyo a tsakaninsu domin iska ta sami wurin taɓawa mai faɗi. Iskar da ke ratsa lagireton ta ɗauke zafin, ruwan ya huce kaɗan, ya koma injin ta mesar ƙasa. Mai tura shi yana wannan zagaye shi ne famfon ruwa, wata 'yar fanka ce mai fukafukai da bel yake juyawa, don haka gudun ruwan yana ƙaruwa da gudun injin.

Bakanike ya ce in cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne. Gaskiya ne?

Kada ka yarda. Wannan al'ada ta yi ƙarfi a garejinmu, musamman ga motoci 'yan Kwatano, amma tana kan rashin fahimtar aikin abin.

Tamostat ƙofa ce ƙarama da ke tsaye a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe cike da wani irin kaki na masana'anta. Da safe inji yana sanyi, kakin a daskare yake, ƙofar a rufe, ruwa yana kewayawa a cikin injin kawai ta wata gajeriyar hanya har ya yi ɗumi da wuri. Idan ruwan ya kai zafin da aka buga a jikin tamostat ɗin, galibi 82 ko 88, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura wani ɗan sanda ya buɗe ƙofar sannu a hankali. Ruwa ya huce, kakin ya tsuke, sifirin ya mayar da ƙofar. Haka yake yi tsawon tafiya, yana riƙe injin a wajen digiri 90.

Masu ƙera inji sun auna komai ne a kan wannan zafin: ratar fistin da bangon silinda, kaurin baƙin mai, da yawan fetur da kwamfutar mota take fesawa. Idan ka cire tamostat, a safiyar hunturu ko a doguwar tafiya da dare injin ba zai kai wurin ba. Kwamfuta za ta ga har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara mai. Motar ta riƙa shan fetur, fulogi ya yi baƙi, danshi ya taru a baƙin mai ya zama laka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A injuna da yawa, tamostat yana da faifai na biyu a ƙasansa, wanda ke toshe gajeriyar hanyar nan idan babbar ƙofa ta buɗe. Cire shi yana barin hanyar a buɗe kullum, wani ɓangare na ruwan zafi ya riƙa komawa injin bai leƙa lagireto ba. Wato wanda ya cire don gudun zafi yana iya jawo zafin da hannunsa. Kuma tamostat mai lafiya, a zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, buɗewa yake yi gaba ɗaya, ba abin da yake tarewa. In ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a ɗora a wuta: ya kamata ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Wanda ya kasa, a sa sabo mai lamba iri ɗaya.

Me zai hana in zuba ruwan rijiya kawai?

Ruwa zalla yana ɗaukar zafi sosai, amma ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Yadda farin ɓawo yake taruwa a gindin butar shayi, haka yake taruwa a bututun lagireto har su toshe. Ga tsatsa da ke cin fukafukan famfo. Ruwan gwangwani mai launin kore ko ja, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, yana da maganin tsatsa, kuma sai ya kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa. Maganin yana ƙarewa da daɗewa, shi ya sa ake juye shi a kan lokacin da littafin motar ya faɗa. A kan hanya in ba yadda za a yi, a zuba ruwa mai tsabta a ƙarasa gida.

Murfin lagireto fa, ba murfi ba ne kawai?

Duba samansa, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, kuma matsin shi ke ɗaga tafasar ruwan zuwa digiri 120 ko sama da haka. Murfin da robarsa ta tsage yana sakin matsi, ruwa ya tafasa da wuri ya tsiyaye ta robar ajiya. Saboda wannan matsin ne ba a buɗe murfi inji yana da zafi: da ka sassauta shi ruwan zai tafasa nan take ya feso maka a fuska da hannu. A kashe mota a jira har mesar sama ta yi laushi, hannu ya iya riƙe ta.

Motata tana zafi a cunkoson cikin Kano, amma a hanyar Zariya lafiya lau. Ina matsalar?

Wannan bambancin shi ne amsar. A babbar hanya gudun mota yana cusa iska cikin lagireto, allurar ma'aunin zafi ta zauna a tsakiya. Hakan ya nuna famfo yana tura ruwa, tamostat yana buɗewa, lagireto ma bai toshe sosai ba. Abin da ya ɓace a cunkoso iska ce, mai kawo ta kuwa idan mota tana tsaye ita ce fankar lagireto. Ka tayar da motar a tsakar gida, ka buɗe bonet, ka janye hannu daga fukafukan ka jira. Idan allura ta wuce inda ta saba tsayawa fanka ba ta tashi ba, a duba fis, da rile, da na'urar da ke auna zafin ruwa, sannan motar fankar kanta. Haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa kullum yana ɓoye cutar ne, kuma yana gajarta ranta.

Da akasin haka ne, wato lafiya a gari amma zafi a gudu ko hawan tudu, sai a zargi lagireto da ya toshe ko famfon da fukafukansa suka cinye. In allura ta hau cikin 'yan mintuna lagireto kuma yana nan da sanyi, tamostat ya maƙale a rufe. Ɗigon ruwa daga ɗan ramin da ke ƙasan famfo yana nufin robar da ke tare ruwan a ciki ta mutu. Idan kuma ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya yi ɗumi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan injin ya ƙone. A nan a kashe mota a ja ta zuwa gareji, domin ci gaba da tuƙi yana lanƙwasa kan injin.