Na ajiye motata mai lantarki a kashi 80, na dawo na tarar da 18, wa ya sha cajin?

Tambaya: Salam malam. Na yi tafiya Umra kwana 9, na bar motata mai lantarki a cikin gida a Tumfure nan Gombe da caji kashi 80, batirinta yunit 75 ne. Na dawo na tarar da kashi 18 kuma wallahi ba wanda ya taɓa ta, makullin ma yana wajena. Sentry Mode kawai na bari a kunne saboda yara. Batirin ne ya lalace ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Kwantar da hankalinka, batirinka lafiyarsa ƙalau a bisa dukkan alamu, maigadin da ka bari a cikin motar ne ya cinye abincin.

Bari mu yi lissafin tare da yunit irin na mitar gida, don yunit ɗaya na mita shi ne kWh ɗaya da ake rubutawa a jikin batir. Sentry Mode na motocin Tesla, wato tsarin da ke gadin mota yana ɗaukar bidiyo in tana ajiye, ba kyamarori ne kawai suke aiki ba, su kyamarorin ba wani cin wuta suke ba. Abin da ke ci shi ne babbar kwamfutar motar, dole ta kwana ido biyu tana duba hotunan tana tantance wannan mutum ne ko akuya ce ta gifta, kuma muddin tana farke toh sauran kayan motar ma ba su kwanta ba, har famfon ruwan da ke sanyaya kwamfutar. Duka in ka haɗa yana kaiwa wajen wat 250, wani lokaci ya ɗan haura, a wasu motocin da aka yi wa sabunta manhaja kwanan nan ya yi ƙasa da haka. Ka ɗauka fankar sama guda huɗu ka bari suna juyawa dare da rana ka yi tafiyarka.

Wat 250 sau awa 24 yunit 6 kenan a rana. Yunit 6 a batir mai 75 kashi 8 ne. Daga 80 zuwa 20 kashi 60 ne, wato yunit 45, ka raba da 6 ya ba ka kwana bakwai da rabi. Toh a nan abin yake, ita motar da kanta take kashe Sentry Mode in caji ya sauka kashi 20, daga nan sai ta samu barci ta koma shan kusan kashi ɗaya a rana ko ma ƙasa. Kwana ɗaya da rabin da ya rage shi ne ya kai ka 18. Kaga lissafin ya zauna daram. Ni duk wanda ya ce min ya dawo ya tarar da motarsa ta tsaya tsakanin 17 da 20 ba na ma tambayarsa komai, na san Sentry ne, don batirin da ya lalace bai san wata iyaka ta 20 ba, zai ci gaba da zuba ne kawai.

Kuma ba sai ka yarda da ni ba, ka shiga Energy a allon motar ka taɓa Park, za ta jera maka abin da ya sha wuta tana tsaye, kowanne da kasonsa.

Tambaya: Toh in na kashe shi ai ba tsaro kenan?

Amsa: A cikin gida mai katanga da get da maigadi me yake tsare maka Alhaji? Bidiyon kaji da inuwar darbejiya zai cika maka filas da shi. Akwai Exclude Home a wajen saitinsa, ka kunna, shi kenan in ta ga tana gida ba za ta tashe shi ba, in ka faka a kasuwa ko wajen ɗaurin aure na awa biyu uku zai yi aikinsa, awa uku bai kai yunit ɗaya ba ma. Inda abin ke ciwo shi ne irin ka bar ta a filin jirgi na Lawanti mako guda, nan dole ka zaɓa, ko tsaro ko caji. In batun yara ne, kyamarar bango ta gida wat kaɗan take ci, ta fi maka arha nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni tawa ba ta da wannan Sentry ɗin, ina Bauchi, amma tana rage kashi 3 zuwa 4 kullum in na ajiye ta. Kuma sau biyu tana ƙin tashi da safe alhali allon jiya ya nuna kashi 60.

Amsa: Hajiya taki daban ce, kuma ta fi ta Alhaji buƙatar a duba da wuri, don alamun ƙaramin batir ne.

Mutane da yawa ba su san motar lantarki batir biyu gare ta ba. Akwai babban da ke ƙarƙashin mota mai ɗaruruwan bolt wanda ke juya taya, akwai kuma ƙarami mai bolt 12 kusan irin na motar fetur, wasu sabbin motocin nasu na litiyom ne. Shi ƙaramin shi ke riƙe da makullan ƙofa da fitilu da kwamfutoci da layin da motar ke magana da wayarki. In kin kashe mota wasu manyan makunnai da ake ce wa kontakta suna buɗewa su raba babban batir da komai, shi ne wannan ƙarar "ƙwas" da kike ji daga ƙasa bayan kin faka. Kafin mota ta tashi dole a sake rufe su, kuma wutar da ke rufe su daga ƙaramin batir take zuwa. Kinga ko babban yana cike maƙil in ƙaramin ya mutu motar ba za ta ko motsa ba, kamar rumbu ne cike da hatsi makullin ya ɓata.

Motar lantarki ba ta da altaneto, akwai wata na'ura da ke sauko da wutar babban batir zuwa bolt 14 da wani abu ta cika ƙaramin. Yawancin motocin in suna ajiye sukan farka da kansu lokaci lokaci su yi wannan cikon su koma barci. In ƙaramin batir lafiyayye ne abin ba ya yawa. Amma in ya tsufa, kuma zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu ba ya barin batir mai ruwa ya yi tsawon rai, toh ba ya riƙe caji, ana cika shi yana saki, sai motar ta yi ta farkawa ta yi ta farkawa cikin dare, kuma duk farkawa ba shi kaɗai take ciyarwa ba, kwamfutoci duk sun tashi. Daga nan kashi 3 da 4 ɗinki ke tafiya. Ranar da ya faɗi ƙasa sosai kafin a kawo masa ɗauki ita ce ranar da take ƙin tashi.

Ki sa mai wayarin mota ya gwada da mita, amma ya yi shi daidai. A buɗe bonet a kulle motar a nisanta makulli da waya a bar ta kamar rabin awa ta yi barci tukuna. Batir mai ruwa lafiyayye zai nuna wajen 12.6, in ya nuna 12.2 ya fara rauni, in ya sauka ƙasa da 12 sai a hankali. Sannan a tada motar a sake aunawa, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba toh ba batirin ba ne mai laifi, na'urar da ke cika shi ce, wannan kuma ba aikin bakin titi ba ne, kar kowa ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, su ne na babban batir kuma suna kisa.

Abu na biyu da zan tambaye ki, me aka ƙara wa motar bayan an kawo ta? Tiraka, kyamarar gaban gilashi da aka jona kai tsaye, sifika da amfilifaya, ko ɗan abin nan da ake soka wa a ramin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota, a manta da shi. Na taɓa ganin wata mota da aka yi ta canza mata batir har biyu ashe tiraka ce aka ɗaura a wayar da ke hana kwamfutar kwanciya, da aka zare fis ɗinta kwana biyu kashi ɗaya kacal ta rage. Mitar da ake maƙalawa a jikin waya tana nuna wannan, motar da ta yi barci da gaske bai kamata ta wuce kamar miliyam 50 ba.

Tambaya: Gaskiya ne yawan buɗe manhajar motar a waya na rage caji?

Amsa: Gaskiya ne, kuma wannan mu muke yi wa kanmu. Kana Makka hankalinka na kan mota, bayan kowace sallah ka buɗe ka ga nawa ya rage, duk buɗewar da ta tashe ta sai ta ɗau kusan minti 15 ko fiye kafin ta koma barci, kai kana duba ko tana zuba ne alhali kai ne kake zubarwa. Mafi muni manhajojin waje da ake ba wa izinin shiga asusun motar suna tattara bayanai, wasu ba sa barinta ta runtsa sam, in kana zargi ka canza kalmar sirrin asusun duk za su fita.

Sai kuma na zafi. Cabin Overheat Protection yana kunna esi in cikin motar ya kai digiri 40, kuma a Gombe motar da ke rana tana wuce haka tun kafin azahar. Sa'ar dai awa 12 kawai yake aiki bayan ka fita daga motar, don haka a doguwar tafiya ranar farko kaɗai yake ci, amma mai fakawa a rana kullum a wajen aiki shi yake biya kullum. Ka mai da shi No A/C ko ka kashe ka nemi rumfa.

Tambaya: Zan sake tafiya wata guda, ya zan bar ta?

Amsa: Kafin tafiyar ka yi gwajin dare ɗaya. Ka kashe Sentry da na zafin nan, ka bar ta awa ɗaya bayan ka faka sannan ka rubuta kashin da ke allo, kashi fa ba kilomita ba don shi kilomitan hasashe ne yana canzawa, ka kulle kar ka taɓa wayar sai da safe. Sifili zuwa kashi ɗaya lafiya lau. In ka ga 3 a awa goma akwai abin da ke hana ta barci, a nemo shi kafin ka hau jirgi.

In gwajin ya yi kyau ka bar ta a inuwa da kashi 60 zuwa 70, ko da kashi ɗaya take sha kullum za ka dawo ka tarar da 30 ko 40. Kar ka cika ta 100 ka ajiye cikin wannan zafin, hakan ne ke tsufar da babban batir. In kana da sola ko layinku na samun wuta ka bar ta a jone ka sa iyakar cajin a 50 ko 60, ko awa uku aka kawo a rana ya ishe ta ta maida abin da ta sha. Ka dai gwada soket ɗin kafin ka tafi, in filogin na ɗumi bayan awa ɗaya gara ka zare shi ka bar ta haka nan.